Darasi: Aikin da Aka Raba Zango Biyu, da Yadda Ake Ƙirga Lokacinsa

Akwai ayyukan da ba a yin su a jere daga safe zuwa la'asar. Direban motar makaranta yana kwaso yara da sassafe, daga nan ba a bukatarsa sai an tashi. Mai girki a makarantar kwana tana dafa karin kumallo, ta sake ɗora tukunya da rana ko da yamma. Ma'aikacin gidan abinci yana shan gumi lokacin abincin rana, wurin ya yi tsit, sannan a sake cika bayan magariba. Mai sharar ofis tana zuwa kafin ma'aikata su iso, ta dawo bayan sun watse. Duk waɗannan aikinsu zango biyu ne a yini guda, da tazara mai tsawo a tsakani, kuma galibi mai aikin yana cewa tazarar nan ba ya biyan kuɗinta.

Wani lokaci gaskiyarsa ce, wani lokaci kuma ba gaskiyarsa ba ce. A wannan darasi za mu koyi yadda ake rarrabewa, kuma za mu bi makon wani direban motar makaranta minti-minti har mu fitar da kuɗinsa. Direban nan misali ne kawai, haka ma albashinsa da lokutansa. Kowa ya sa nasa alƙaluman a gurbinsu.

Lokaci uku a yini ɗaya

Wanda yake aiki a jere lissafinsa mai sauƙi ne: ya shiga ƙarfe 8:00, ya fita ƙarfe 4:00. Mai zango biyu kuwa dole ya riƙe lissafi uku. Na farko shi ne lokacin aiki, wanda ake biya. Na biyu shi ne lokacin hutu na gaskiya, wanda ba a biya. Na uku shi ne faɗin yini, wato daga sa'ar da ya fara zangon safe zuwa sa'ar da ya gama zangon yamma, har da tazarar da ke tsakani. Idan aka haɗa na farko da na biyu, dole su ba da na uku. Wannan ita ce hanyar da za ka gane ko lissafinka ya yi daidai.

Ga yarjejeniyar direbanmu da makarantar da ta ɗauke shi. Zangon safe daga ƙarfe 6:00 zuwa 8:45, awa 2 da minti 45 ke nan. Zangon rana daga ƙarfe 1:30 zuwa 4:45, awa 3 da minti 15. Jimla awa 6 a rana. Ranar Juma'a ana tashi da wuri, don haka zango na biyu yana farawa 10:15 ya ƙare 1:30, amma awoyin dai shida ne. Albashinsa naira 66,000 a wata. Idan muka ɗauki kwanakin aiki 22 a wata, awa 6 sau 22 ya ba da awa 132, kuma 66,000 a raba da 132 ya ba da naira 500. To, kuɗin awarsa ɗaya naira 500 ne, na yini naira 3,000, na mako naira 15,000.

Mai albashin wata ba kasafai yake sanin kuɗin awarsa ba, kuma wanda bai san shi ba ba zai iya faɗin abin da yake bi ba. Saboda haka wannan rabawar ita ce matakin farko, kafin a shiga gardamar tazara.

Me ake kira hutu?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce awoyin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka daidaita a kansu, ko tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta hanyar ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashi. Abin da aka sa mutum ya yi sama da haka ƙarin lokaci ne. Ta kuma ce wanda yake aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Amma abin da ya fi yi mana amfani shi ne yadda ta bayyana hutun. Sharuɗɗa uku ta gindaya: a san tsawonsa tun kafin a fara shi, ma'aikaci ya zama yana da ikon yin abin da ya ga dama da lokacin, kuma kada a tilasta masa zama a wurin aiki.

Duba sharuɗɗan nan da kyau. Babu wanda ya tambayi ko mutum yana zaune ne ko yana tsaye, ko ya gaji ko bai gaji ba. Tambayar ita ce: lokacin nan a hannun wa yake? Idan mai aiki ya ce maka "tafi, sai ƙarfe ɗaya da rabi," kuma da gaske ba ya nemanka kafin nan, lokacin naka ne, ba ka bin sa komai a kansa. Idan ya ce "zauna nan kusa, ƙila a bukace ka," lokacin nasa ne, ko da barci ka yi a ƙarƙashin bishiya har aka kira azahar. Maigadin da ya kwana a bakin ƙofa ɓarawo bai zo ba, ai ba a ce bai yi aiki ba.

Wannan fahimtar ta daɗe. A 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wasu ma'aikatan kashe gobara na kamfanin nama na Swift a jihar Tekzas, waɗanda ake sa su kwana a harabar kamfani ko kusa da ita don jiran ƙararrawa. Yawancin dare ba abin da ke faruwa, sukan yi barci ko wasanni. Kotun ta ce babu wata ƙa'ida da ta hana a ƙirga jira a matsayin aiki, sai dai a dubi kowane hali a ga ko an ɗauki mutum ne don ya yi jira, ko kuwa shi ne yake jiran a ɗauke shi. Na farko ana biyansa, na biyu ba a biyansa.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ma ta taɓo wannan batu kai tsaye. Idan aikin a jere yake, hutun minti 30 da ake bayarwa yana cikin awoyin aiki. Idan kuma an raba aikin kashi biyu, hutun kada ya gaza awa ɗaya, kuma ba ya cikin awoyin aiki. Don haka tazarar da ba a biya ba haramun ba ce a kanta. Matsalar tana tasowa ne idan aka kira abu hutu alhali ba hutu ba ne.

Makon direba

Direbanmu ya sayi ƙaramin littafi, yana rubuta lokacin da ya fara kowane abu da lokacin da ya gama, da wanda ya sa shi. Ga abin da mako guda ya nuna.

Abu na farko da ya fito fili shi ne cewa ba ƙarfe 6:00 yake farawa ba. Ƙarfe 6:00 motar take fita daga makaranta. Kafin nan sai ya duba baƙin mai da ruwa da tayoyi, ya goge gilashi, ya share kujeru, kuma makarantar ce ta ce lallai a yi haka kowace safiya. Don haka ƙarfe 5:40 yake isa. Minti 20 ne, ba su da yawa a ido, amma aiki ne da aka wajabta masa, kuma a kwana biyar sun zama minti 100. Tafiyarsa daga gida zuwa makaranta kuwa ba ta cikin lissafi, domin a al'ada zuwa wurin aiki da komawa gida nauyin ma'aikaci ne.

Ranar Litinin ya ajiye mota 8:45, ya tafi gida, ya dawo 1:30. Ba wanda ya neme shi. Tazarar duka, awa 4 da minti 45, hutu ne na gaskiya, ba kuɗi a kanta.

Ranar Talata da ya sauke yara sai ma'ajin makaranta ya ba shi kuɗi ya je ya sha mai. Ya tarar da layi, bai dawo da mota ba sai 10:15, daga nan aka sallame shi. Daga 8:45 zuwa 10:15 minti 90 ne na aiki. Ragowar, daga 10:15 zuwa 1:30, nasa ne.

Laraba ita ce ranar da aka fi yin gardama a kanta. Shugaban makaranta ya ce masa, "Malam direba, yau kada ka yi nisa. Ina jiran kira daga ma'aikatar ilimi, da zarar sun kira za ka kai ni." Ya amsa da "To, ranka ya daɗe," ya samu benci ya zauna. Ba a kira ba. Ya ci abinci a bakin ƙofa, ya yi sallah a masallacin makaranta, ƙarfe 1:30 ya tayar da mota. Shugaban zai ce ai ranar ko sitiyari bai taɓa ba. Amma a gwada sharuɗɗa ukun nan. An san tsawon hutun tun farko? A'a, kowane minti ana iya kiransa. Yana da ikon yin abin da ya ga dama? A'a. An bar shi ya bar wurin? A'a. Saboda haka tazarar duka, minti 285, lokacin aiki ce. Cin abinci da sallar da ya yi ba su mayar da ita hutu ba, tunda kunnensa na wurin kiran. Da shugaban ya ce, "Daga sha biyu zuwa ɗaya ka je ka ci abinci, ba zan neme ka ba," da sai a cire wannan awa ɗayar. Bai faɗa ba. Ka lura kuma cewa a wannan rana direban ya yi fiye da awa 11 a hannun makaranta ba tare da hutun awa ɗaya da doka ta tanada ba, kuma a cikin wannan hali aka ɗora masa yara ya shiga titi.

Ranar Alhamis birki ya fara ƙara, aka ce ya kai mota gareji. Ya yi minti 45 a ƙofar ofishin ma'aji yana jiran kuɗin gyara, sannan ya tafi, ya tsaya a kan makanike har aka gama, ya dawo da mota 12:10. Jiran kuɗin ma aiki ne, domin ba don kansa ya tsaya ba. Daga 8:45 zuwa 12:10 minti 205 ne. Daga nan aka ce ya tafi sai 1:30, ya samu hutun minti 80. Da yamma kuma ya kai wata yarinya gida ya tarar ba kowa, ya tsaya har uwarta ta dawo, bai ajiye mota ba sai 5:20. Ƙarin minti 35 ke nan.

Juma'a tana koyar da wani abu dabam. Tazarar minti 90 ce kawai, daga 8:45 zuwa 10:15. Ba wanda ya ce ya zauna, amma idan ya tafi gida da isarsa sai juyowa, don haka ya zauna wurin mai shayi. Lokacin nan bai amfane shi da komai ba, duk da haka an san tsawonsa, ba a tsare shi ba, ba a neme shi ba. Bisa sharuɗɗan doka hutu ne, ba a biya. Masu koyo da yawa suna jin haushin wannan amsa, kuma ina ganin haushin yana da dalili, amma kada mu cusa wa lissafi abin da ba ya cikinsa. Maganin irin wannan tazara a wurin ciniki yake, za mu zo kansa.

Ga makon a dunƙule, komai da minti:

| Rana | Aiki | Hutun da ba a biya | Faɗin yini |
|---|---|---|---|
| Litinin | 380 | 285 | 665 |
| Talata | 470 | 195 | 665 |
| Laraba | 665 | 0 | 665 |
| Alhamis | 620 | 80 | 700 |
| Juma'a | 380 | 90 | 470 |
| Jimla | 2,515 | 650 | 3,165 |

A kowane layi, aiki da hutu idan aka haɗa su sun ba da faɗin yini. Idan naka bai ba da haka ba, akwai mintin da ka manta ko ka ƙirga sau biyu.

Daga minti zuwa naira

Yarjejeniya ta ce awa 30 a mako, wato minti 1,800. Littafi ya ce minti 2,515. Bambancin minti 715 ne, wato awa 11 da minti 55. Kafin a ninka da kuɗin awa, sai a raba mintin da 60: 715 a raba da 60 ya ba da 11.92. A ninka da naira 500, abin ya kama kusan naira 5,960. Wannan shi ne abin da direban yake bi a makon nan, ko da ba a ƙara masa ko kwabo a kan kuɗin awarsa na yau da kullum ba.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan ɗauki awa 11 da minti 55 su danna 11.55 a na'urar lissafi. Ba daidai ba ne, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba. Minti 30 rabin awa ne, ana rubuta shi 0.5, ba 0.30 ba. Minti 45 shi ne 0.75, minti 15 kuma 0.25. Da direban ya danna 11.55 da ya samu naira 5,775, ya cuci kansa da kusan naira 185. Shi ya sa muka mayar da komai minti tun farko, muka tara, sannan muka raba da 60 sau ɗaya tak a ƙarshe. Haka kuma idan lokaci ya tsallake sha biyun rana, a raba shi gida biyu: daga 8:45 zuwa 12:00 awa 3 da minti 15, daga 12:00 zuwa 1:30 awa 1 da minti 30, a haɗa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta kira abin da ya wuce awoyin yarjejeniya ƙarin lokaci, amma ba ta yanke nawa za a biya a kansa ba. Wasu wurare suna biyan awa da rabi, wasu ninki biyu a ranakun hutu, amma wannan daga yarjejeniya yake fitowa. Idan ba a rubuta komai ba, abin da ya fi dacewa a fara nema shi ne kuɗin awa na yau da kullum, domin shi ne mafi wuyar musantawa.

Yanzu mu juya lissafin ta wata fuska. Direban ya karɓi naira 15,000 a makon da ya yi awa 41 da minti 55 yana aiki. Idan aka raba, awarsa ta faɗo daga naira 500 zuwa kusan naira 358. Idan kuma aka raba da faɗin yini gaba ɗaya, awa 52 da minti 45, ta koma kusan naira 284. Wannan alƙalami na ƙarshe ba a zuwa da shi neman haƙƙi, domin hutu na gaskiya yana cikinsa. Amfaninsa shi ne kwatanta aiki da aiki. Wanda aka ce masa ga aikin awa shida a naira 66,000, ga kuma na awa takwas a jere a naira 70,000, zai ga kamar na farko ya fi sauƙi, alhali na farkon yana cinye masa kusan awa goma sha ɗaya na hasken rana, na biyu kuma yana sakinsa da la'asar ya je ya kama wata sana'a. Ga kuma kuɗin mota: mai zango biyu da yake komawa gida a tsakani sau huɗu yake hawa abin hawa, ba sau biyu ba. Idan kowace tafiya naira 400 ce, ƙarin naira 800 ke nan daga cikin naira 3,000 ta yini, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani abin lura kuma: mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin wani ɓangare na lokaci ba. Mai aikin da ya ƙirga wa direba awa 30 kawai zai iya cewa ai ba cikakken ma'aikaci ba ne. Littafin da ya nuna sama da awa 40 a mako yana rusa wannan magana.

Idan an ce "tafi gida, amma ka bar wayarka a kunne"

Wannan shi ne halin da ya fi wuyar yankewa, kuma shi ya fi yawa yanzu da kowa ke da waya. Ba a tsare ka a wurin aiki ba, amma ba a sake ka gaba ɗaya ba. Abin da ake dubawa shi ne yadda sharaɗin ya ɗaure ka. Sau nawa ake kira? Cikin minti nawa ake so ka iso? Idan ba ka ɗaga ba, me zai same ka? Wanda ake kira sau ɗaya a wata, kuma idan ya ce yana da uzuri a ƙyale shi, hutunsa hutu ne, sai dai a biya shi lokacin da ya amsa kira. Wanda ake kira kusan kullum, a ce ya iso cikin minti goma ko a yanke masa albashi, ba zai iya zuwa kasuwa ko gona ko ɗaukar fasinja ba, don haka lokacinsa ba a hannunsa yake ba. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke irin wannan hukunci a kan wani mai kashe gobara a Beljiyam, wanda aka wajabta masa zama a gida tare da isa wurin aiki cikin minti takwas idan an kira. Kotun ta ce zaman nan lokacin aiki ne. Hukuncin ba ya aiki a ƙasashenmu, amma ma'aunin da aka yi amfani da shi yana da kyau a aro.

Kuɗin tazara

Wasu wurare sun yarda cewa tazara mai tsawo tana da nauyi ko da hutu ce ta gaskiya, suka sa mata farashi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka raba masa aiki da tazarar da ta wuce hutun cin abinci yana da haƙƙin ƙarin kuɗin awa ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi. A 2024 mafi ƙarancin can dala 16 ne a awa. Wanda ya yi awa 8 a rabe dole kuɗinsa na ranar ya kai na awa 9, wato dala 144. Idan dala 16 ake biyansa, ya samu 128, a cika masa 16. Idan 17 ake biyansa, ya samu 136, a cika masa 8. Idan 18 ne, ya riga ya kai 144, ba a ƙara masa komai. An tsara ƙa'idar ne don masu ƙaramin albashi. A jihar Niyok kuma faɗin yini ake dubawa: ma'aikacin otal ko gidan abinci da faɗin yininsa ya wuce awa 10 ana ƙara masa kuɗin awa ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi. Da a can direbanmu yake irin wannan aiki, da ya ci wannan ƙari daga Litinin har Alhamis.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta da irin wannan tanadi. Amma tunda ta bar awoyin aiki a hannun yarjejeniya, ba abin da ya hana a sa shi a ciki. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika da fara aiki, har da awoyi da yadda ake lissafa albashi. Mai zango biyu ya nemi takardar ta faɗi ƙarfe nawa kowane zango yake farawa da ƙarewa, ta faɗi ƙarara cewa yana da ikon barin wurin aiki a tsakani, ta kuma faɗi nawa za a biya shi a awa idan aka sa shi aiki ko jira a cikin tazarar. Idan zai iya samun kuɗin mota na komawa gida, ko wani ɗan alawus na tazara, a rubuta shi ma. Lokacin ɗaukar aiki ake wannan ciniki, sa'ad da ake bukatarka. Bayan ka yi shekara kana zaman benci kyauta, za a ce maka ai haka aka saba.

Mai aikin ma yana da riba a nan. Shugaban makarantar da ya san zaman Laraba zai ci masa kusan naira 2,400 zai yi tunani sau biyu kafin ya tsare direba yini guda saboda kiran da ƙila ba zai zo ba. Wataƙila ya ga hawa adaidaita ya fi masa araha, direba kuma ya samu hutunsa ya dawo ɗaukar yara da ƙarfinsa.

Littafin kuwa sai an rubuta shi a ranar, ba a ƙarshen wata daga ƙwaƙwalwa ba. A sa kwanan wata, lokacin farawa da na gamawa, abin da aka yi, da wanda ya ba da umarni. Idan umarnin ta saƙon waya ya zo, kada a goge. Rasit ɗin gidan mai da na makanike suna ɗauke da kwanan wata, suna ƙarfafa abin da ka rubuta. Kuma ka rubuta gaskiya har inda ba ta yi maka daɗi ba: ranar da ka makara da minti 15 ka sa, ranar da ka gama da wuri ka sa. Littafin da duk kurakuransa suka karkata wajen mai shi, da an kama guda ɗaya an daina yarda da sauran. Idan magana ta ƙi ci a cikin gida, akwai ƙungiyar ƙwadago ga mai ita, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jihohi, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma duk inda ka je abin da za a fara tambayarka shi ne ina shaidar awoyin.

Aikin gida

1. Wata mai girki a makarantar kwana tana aiki daga 5:30 zuwa 9:00 na safe, sannan daga 3:00 zuwa 7:30 na yamma, kwana 26 a wata, a kan naira 72,800. Fitar da awoyin aikinta na yini, da tsawon tazararta, da faɗin yininta, da kuɗin awarta.

2. Ranar Asabar an aike ta kasuwa sayen cefane daga 9:00 zuwa 11:20, aka kuma ce ta tsaya jiran motar kayan abinci daga 1:00 har 3:00, motar ba ta zo ba. Minti nawa ne na aiki a cikin tazarar, kuma naira nawa take bi?

3. Mayar da waɗannan zuwa lambar da ake dannawa a na'urar lissafi: awa 3 da minti 15, awa 6 da minti 40, awa 9 da minti 5.

4. Wani ma'aikacin gidan abinci an ce masa ya huta daga 3:00 zuwa 6:00, amma idan baƙi suka shigo ya tashi ya saurare su. A gwada halinsa da sharuɗɗa ukun hutu, a faɗi wanne ya cika, wanne bai cika ba.

Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta mako guda na aikinsa, ko na wani na gida da yake aikin zango biyu, a jadawali irin na direban nan. A zo da shi aji, za mu fitar da kuɗin tare a allo.